Ragowar gwanjo da ƙyallayen tela: tambayoyin da ake yawan yi mana a Katsina

Ni dai sana'ata gwanjo ce a nan cikin garin Katsina, ƙanena kuma tela ne, to tsakanin shagona da nashi kullum muna cikin tsumma. Waɗannan tambayoyi ne da masu shiga sana'ar da sauran jama'a suke ta maimaita mana, na ga gara in tara su wuri ɗaya in amsa, musamman maganar nan da ake yawan yi wai ai yanzu akwai injin da ke maida tsohon kaya sabo.

Wai daga ina gwanjon nan yake zuwa, kuma gaskiya ne kayan matattu ne?

Mafi yawansa kayan masu rai ne da suka gaji da sakawa. A Ingila da Amurka da Kanada da wasu ƙasashen Turai mutane suna zuba kayan da ba su so a akwatunan tara kaya ko su kai shagunan ƙungiyoyin agaji, su kuma ƙungiyoyin abin da suka iya sayarwa a can kaɗan ne, sauran sai su sayar wa kamfanonin da ke tantancewa a kan kilo. Kamfanin ya ware rigunan maza daban, na yara daban, jins daban, labule daban, ya matse da inji ya ɗaure da ƙarfe ko roba, shi ne dilar da muke saye. Yanzu kuma na Chana da Koriya ya yi yawa a kasuwa. Dila tana zuwa kilo 45 ko 55, akwai kuma babba mai kilo 100.

Hanyarsa ta zuwa nan ba miƙaƙƙiya ba ce domin a dokar kwastan ta Najeriya gwanjo yana cikin kayan da aka haramta shigowa da su kwata-kwata. Shi ya sa jirgin ruwa ke sauke shi a Kwatano ko Lome, wani ya bi ta Legas, wani ya zagayo ta Nijar, kuma duk wanda ya san Maraɗi da Jibiya ko Kwangwalam ta wajen Daura ya san abin da nake nufi. Lokacin da aka rufe boda daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020 kowa ya ji a jikinsa. Mu ƙananan 'yan kasuwa dai galibi Ƙofar Wambai a Kano muke zuwa saro.

Alhaji, ina so in fara da dila ɗaya. Nawa ne zai zama shara a ciki?

Ba wanda zai gaya maka tabbas tunda ba a buɗe dila kafin a biya, amma bari in yi maka lissafi na misali, kuɗin nan ni na ƙaddara su don a gane, farashi yana canzawa kullum da dala da sefa.

A ce ka sayi dilar rigunan maza mai kilo 55 a kan naira 200,000. Riga huɗu suna kai kilo ɗaya, kenan za ka samu kamar guda 220. Mota daga Kano, dako, wanki da guga a ce sun ci 20,000, jarinka ya zama 220,000. Ka buɗe ka zauna ka ware. Zaɓen farko, waɗanda ba tabo ba kodewa, wasu ma da takardar shago a jiki, ka samu 40 ka sayar 3,000 kowace, 120,000 kenan. Na tsakiya guda 90 a kan 1,200 sun ba ka 108,000. Na zube a ƙasa, irin wanda ake ɗauka a kai kasuwar ƙauye kamar Charanchi ko Mai'aduwa, guda 60 a kan 400, 24,000. Saura 30 ba mai saye ko kyauta ka ce. Jimla 252,000, ribarka 32,000, kuma ba rana ɗaya za ta shigo ba, na tsakiyan nan sai su yi wata biyu suna kallonka.

To yanzu dilar nan dai, amma zaɓen farko ya zo 25 maimakon 40, sharar ta tashi daga 30 zuwa 45. Na farko 75,000, sauran ba su canza ba, jimla 207,000. Ka faɗi da 13,000. Ka ga riga 15 kacal suka sauya wuri amma riba ta koma asara, saboda kusan rabin kuɗin dila zaɓen farko ne ke biyansa. Kuma riguna 45 ɗin nan sun haura kilo 11, kaya ne da ka biya kuɗinsa, ka biya motarsa, yanzu kuma kai ne za ka nemi inda za ka kai shi. Wanda ya ɗaure dilar a can ya riga ya karɓi kuɗinsa a kan kilo, mai kyau da marar kyau farashi ɗaya.

Wannan matsalar ba mu kaɗai ba ce. Kasuwar Kantamanto ta birnin Akara a Gana, ƙungiyar Or Foundation da ke aiki a can ta ƙiyasta kaya kusan miliyan 15 ke shiga duk mako, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari na fita a matsayin shara. Namu bai kai wannan yawan ba a ganina, don mu muna da ƙauyuka da ke shanye na ƙasa, amma tsarin ɗaya ne.

Ta yaya zan gane dilar banza kafin in biya?

Ka sa a ɗora ta a sikeli a gabanka. Ka duba ɗaurin, dilar kamfani a matse take tam kamar dutse kuma kusurwoyinta a tsaye, wadda aka buɗe aka tsince masu kyau aka sake ɗaurewa za ka ga ta yi laushi, ta kumbura a ciki, ɗaurin ba iri ɗaya ba ko buhun da ɗinkin hannu. Sannan ka kai hancinka. Gwanjo yana da warinsa da kowa ya sani, amma in ka ji warin ruma kamar ɗakin da ya sha damina a rufe, ruwa ya shiga, kuma funfuna in ta kama farar riga baƙaƙen ɗigon nan da wuya su fita. Ruwa kuma yana ƙara nauyi, sai ka sayi ruwa a kuɗin riga. Abu na ƙarshe, ka tambaya kayan wane yanayi ne. Dilar suwaita da jaket in ta zo maka a watan Maris ka san sai hunturu mai zuwa, asu da ɓera su riga ka.

Me ke sa riga ta zama shara tun tana cikin dila?

Tabon mai ko fenti, hammata da ta yi rawaya, wuya da ya saki, yagewa a tsakiyar jiki inda faci zai fito fili. Sai girman da ba namu ba, wandon da mutum biyu za su shiga. Sai rigunan taro masu rubutun kamfani ko gasar gudu da aka buga don rana ɗaya. Amma wanda ya fi yawa yanzu shi ne kaya marasa ƙwari tun daga masaƙa, siraran yadi na roba da aka ɗinka don a sa sau biyar a yar. Tsofaffin 'yan gwanjo za su gaya maka da can rigar gwanjo tana fin sabuwar kanti ƙarko, yanzu kam sai an tona.

Na ji ana narka tsofaffin kaya a yi sabon yadi. Me ya hana a yi haka da namu?

Nan ne mutane suka fi ruɗewa, don suna ganin yadda 'yan jari bola ke sayen ƙarfe da alminiyom da roba sai su ɗauka tufa ma haka take. Ƙarfe in ka narka shi ƙarfe ne, bai san ya tsufa ba. Auduga ba ta narkewa, ƙonewa take.

Ka tuna yadda iyayenmu mata ke kaɗi da mazari. Abin da ke riƙe zare shi ne silin audugar nan sirara da ke naɗe juna idan an murza, kuma iya tsawon silin iya ƙarfin zaren. Audugar da ake gurzawa a irin su Funtuwa da Malumfashi silinta bai wuce milimita 25 zuwa 30 ba, wato bai kai gaɓar yatsa biyu ba, amma ya isa. To idan za a maida tsohuwar riga zare, sai an cire maɓalli da zif da ɗinki mai kauri, a yayyanka ta, a tura ta cikin inji mai gangar ƙarfe cike da ƙusoshi yana juyawa yana yagarta har ta koma kamar audugar katifa. Wannan yagar tana tsinka silin, wanda dama wanki da rana da guga sun riga sun cinye shi. Abin da ke fitowa gajere ne, da yawa bai kai milimita 20 ba, wani ma ƙura ce kawai. In ka kaɗa shi shi kaɗai zaren zai dinga tsinkewa a kan inji, yadin kuma ya yi gashi-gashi ya mutu da wuri. Shi ya sa masu yin wannan aiki suke gauraya kamar kashi 20 zuwa 30 na tsohuwar da sabuwar auduga ko polista don ta riƙe. Ka ga ko a inda injin yake, riga ɗaya tsohuwa ba ta haifar riga ɗaya sabuwa. Kuma in aka sake yagarta karo na biyu silin ya ƙara gajarta, daga nan sai dai ciko.

Rahoton da gidauniyar Ellen MacArthur ta fitar a 2017 ya ce ƙasa da kashi 1 cikin ɗari na kayan da ake yin tufafi da su ne ke komawa ya zama sabuwar tufa. Duniya gaba ɗaya fa, har da ƙasashen da ke da injinan.

To polista fa? Ai ita roba ce, ba sai a narka ba?

Ita tana narkewa, wajen digiri 250 zuwa 260, kuma asalinta ɗaya da robar gorar ruwa da lemo. Matsalar ita ce da wuya ka samu riga polista zalla. Ka duba ɗan ƙyallen da ke cikin riga ta gefe ko ta wuya, za ka ga 65 polista 35 auduga, ko jins mai auduga 98 da kashi 2 na robar nan mai talewa. An murɗe su tare ne a cikin zare ɗaya, ba yadda za ka raba da hannu ko almakashi. In ka narka, audugar ta ƙone ta ɓata robar. In ka yaga da inji, robar mai talewa ta naɗe ƙusoshi ta dunƙule. Ga rini, ga bugun rubutu a ƙirji, ga zaren ɗinki wanda shi ma galibi polista ne ko da rigar auduga ce.

Kuma rigunan da ake tallatawa wai an yi su da tsohuwar polista, kusan dukansu da gorar ruwa aka yi su ba da tsohuwar riga ba. Gora tsabtatacciya ce, iri ɗaya ce, ba rini mai yawa. Gorar da za ta iya sake zama gora an maida ta riga, rigar kuma in ta mutu ba ta da inda za ta koma. Ni wannan ban ɗauke shi wani abin alfahari ba.

Ba a raba su da sinadari?

Ana yi, amma har yanzu bai zama kasuwa mai tsayawa da ƙafarta ba. Hanyar ita ce a narkar da audugar da sinadari ta koma kamar kunun takarda, a sake jan sabon zare daga ciki, irin zaren nan mai santsi da ake kira biskos. Wani kamfani a Suwidin mai suna Renewcell ya buɗe babbar masana'anta a garin Sundsvall a 2022 don wannan aikin, yana son kaya masu auduga kusan kashi 95, irin tsofaffin jins da ragowar yanka na masana'antu. A Fabrairun 2024 ya bayyana karyewa saboda masu sayen abin da yake yi ba su kai yadda aka zata ba, daga baya wasu suka saye shi suka sa masa suna Circulose. Wannan a ƙasar da wuta ba ta ɗaukewa kenan, ruwa a wadace. Dalilin kuwa a fili yake, sabuwar polista da sabon biskos sun fi arha, kuma tantance kaya ɗaya bayan ɗaya aiki ne mai cin ma'aikata.

Inda abin ya daɗe yana tafiya shi ne ulu. Garin Prato na Italiya ya fi shekara ɗari yana yagar tsofaffin kayan ulu yana sake saƙawa, suna ware su launi-launi don kada sai an sake rini, kuma silin ulu dogo ne yana jure yaga. Panipat ta Indiya kuma suwaita suke yaga su yi barguna masu arha irin na rabon agaji. Bargon ba ya kai suwaitar da aka yi shi da ita daraja, daga sama ake gangarowa ƙasa.

Ta yaya zan san wannan auduga ce ko roba in ba rubutu a jiki?

Da ashana. Ka yanko ɗan ƙyalle daga cikin lanƙwasar ɗinki, kamar faɗin farce, ka riƙe da almakashi ko filaya a waje, da ruwa kusa da kai, ka kai masa wuta. Auduga za ta kama nan take da harshe rawaya, warinta kamar takarda, tokarta fara-fara mai laushi, ka murza ta watse. Polista tana janyewa daga wutar tukuna, ta narke tana ɗiga, hayaƙi baƙi, in ta huce ta bar ɗan dunƙule baƙi mai tauri da ba ya murzuwa. Kada ka taɓa shi da zafi, yana manne wa fata. Ulu warin gashi yake kamar ana babbakar kan rago, ya mutu da kansa, dunƙulen ya farfashe a yatsa. In ka ga toka a gefe da ɗan tauri a tsakiya, gauraye ne, kuma shi za ka fi gani. Atamfa da shadda ma ka gwada, da yawa masu arhar nan na yanzu ɗiga suke.

Akwai gwajin da ba wuta, ka ɗiga ruwa. Tsohuwar auduga tana shanyewa nan da nan, roba kuwa ruwan ya tsaya a kai ko ya gangare.

To kilo 11 ɗin nan da suka rage, me zan yi da su?

Kada ka haɗa su buhu ɗaya, nan ne darajarsu ke mutuwa. Ka fara fitar da masu gyaruwa. Riga mai dogon hannu da bakin hannun ya lalace tela zai maida ta gajeren hannu, wuya da ya cinye a juya shi, babbar riga mai tabo a ƙasa a fitar da rigar yaro daga sama, wandon jins da gwiwa ta fashe ya zama gajere. A cikin 45 ba mamaki ka ceto 10 ko 15, amma ka yi lissafin kuɗin tela, in gyaran ya ci 300 rigar kuma 400 za a saye ta to wahala kawai ka yi, sai dai in kana da keke a gida.

Sai masu auduga zalla, tishat da fanjama da tawul. Ka cire maɓalli da zif don kada su karce fenti ko gilashi, ka yanka kamar faɗin hankici babba. Makanikai da masu fenti da masu wankin mota da masu injin niƙa suna buƙatarsu tunda auduga tana shan mai da ruwa. Kada ka cusa musu polista a ciki, shafa mai take ba ta sha, in suka gane sau ɗaya ba za su sake karɓa ba.

Na roba da gauraye su ne cikon matashi da filo da kujera, a wanke, a shanya su bushe ƙarau, a yayyanka ƙanana don kada su dunƙule wuri ɗaya. Maɓallai da zif masu kyau ka tara a gwangwani, teloli na so. Duk da haka sai ka ga kilo uku ko huɗu sun rage, masu funfuna da masu tabon da ba ka san ko na mene ne ba. Waɗannan shara ce, kada a sa su a matashin da yaro zai kwana a kai.

Yaya, ni tela ce a gida. Ƙyallayen da ke zuba fa?

Naki ya fi nawa daraja ƙanwata, don sabo ne, ba datti, kuma kin san ko wane yadi ne. Ko masana'antun waje irin wannan suka fi so. Ki ajiye buhu uku kusa da keke. Manya da suka kai tafin hannu biyu na aljihu ne da shafi da hular yara da jakar makaranta, ko a harhaɗa su a yi zanen gado da rigar filo. Dogaye sirara a kitsa su a naɗe a ɗinke su zama abin goge ƙafa na bakin ƙofa ko gammo. Ƙananan ɓarɓashi su tafi ciko. Abin da ke ɓata su shi ne a share su tare da ƙasa da leda da bawon gyaɗa, daga nan ba mai ɗauka. Ki kula da karyayyar allura da fil, kada su shiga buhun ciko.

In ƙone wanda ya rage ko in binne?

Kada ka ƙone a cikin gida ko lungu. Fiye da rabin zaren da ake yi a duniya yanzu polista ne, wato ƙona roba kake, ga rini ga bugun rubutu, hayaƙin nan baƙi yana tayar wa masu asma da yara da tsofaffi. Kuma ba ya cinyewa duka, dunƙulen ya rage a ƙasa. A kasuwa kuwa ko kusa kada a kunna, dila wuta take jira, gobarar da ta cinye babban ɓangare na Kantamanto a farkon Janairun 2025 ta isa ishara.

Binnewa tana aiki ne ga auduga zalla kawai, in an yanka ta ƙanana aka sa a ramin taki mai danshi za ta ruɓe cikin watanni, sai dai ka tarar da zaren ɗinkin yana nan kamar gizo ya yi saƙa. Polista ko shekaru nawa ta yi haka za ka tono ta. Kada kuma a haɗa da shara mai zuwa gona a matsayin taki, manoma sun san yadda tsumma ke naɗe garma. Kwata ma haka, tsumma ɗaya ya kama leda, leda ta kama yashi, ruwan Agusta ya zo ya rasa hanya ya shiga gidaje. Awaki kuma suna haɗiyarsa, mahauta suna ciro shi a tumbi tare da leda. Abin da ya rage maka dai ka ɗaure shi tam a buhu ka kai inda motar shara ke kwashewa, ba gyara ba ne amma ya fi sauran.

Ba gara a hana gwanjo da gaske ba kowa ya huta?

Ai a takarda an hana, ga shi kuma kasuwa cike. Ƙasashen Gabashin Afirka sun shirya hanawa a 2016, Amurka ta matsa musu, sauran suka janye, Ruwanda ta tsaya a kan ƙarin harajinta, sai a 2018 aka dakatar da damarta ta shigar da tufafi Amurka ba haraji a ƙarƙashin tsarin AGOA. Ra'ayina shi ne ko an hana, abin da zai cike gurbin ba yadin Funtuwa ba ne ko na masaƙun Kaduna da Kano da suka durƙushe, sababbin kayan roba ne masu arha daga waje, kuma su sun fi gwanjo mai kyau saurin zama tsumma. Abin da ni zan so shi ne a matsa wa masu ɗaure dila su daina cusa shara a ciki, kamfanonin da suka ɗinka kayan kuma su biya kuɗin kwashe ta a inda ta ƙare. Tarayyar Turai ta wajabta wa ƙasashenta tara tsofaffin tufafi daban da sauran shara tun 1 ga Janairun 2025, ma'ana abin da za su tara zai ƙaru, injin da zai cinye shi kuma bai ƙaru haka ba, to ka san inda rarar za ta nufa.

Zan iya kafa ƙaramin injin yagar tsumma a Katsina ko Daura?

Za ka iya, amma ka sa a ranka ciko za ka sayar ba zare ba, wato masu katifa da kujera da matashi su ne kasuwarka, kuma soso ne abokin gasarka. Kafin ka sayi inji ka je wajensu da samfur ka ji nawa za su biya kilo. Sannan ka lissafa dizal, da masu cire zif da maɓalli da hannu don ƙarfe ɗaya zai karya ƙusoshin gangar ko ya yi tartsatsi a cikin ƙurar auduga. Ƙurar nan kuma tana cin huhu, dole takunkumi da iska mai fita. Sai babbar tambaya, tsumma nawa za ka iya tarawa a mako, busasshe kuma wararre? In sai ka bi shago-shago da Keke Napep kana kwasar kilo biyar-biyar, kuɗin mai zai cinye ribar kafin injin ya juya. Wanda ya fara shirya teloli na layi ɗaya da 'yan gwanjon kasuwa ɗaya suna tara masa a buhu, ya gwada wata uku yana yanka da hannu yana sayarwa, shi zai san ko kayan sun isa a sayo musu inji.